Giɓin hannun jari 200: littafin manhaja da takardar dillali

Wata ranar Talata, bayan sallar Asuba, na buɗe kwamfuta na tarar da layi biyu a kan allo. Na farko yana ɗauke da sunan wani kamfani da lamba 200 a gabansa. Na biyu yana cewa kuɗin da ke asusuna a wurin dillali sun gaza abin da ke cikin littafina da dala 3,959. A ranar da komai ya tafi daidai, allon nan yakan nuna sifili ne kawai, in rufe shi in tafi harkokina. Wannan safiyar kuwa shayina sai da ya huce.

Bari in fara da bayanin abin da nake kira manhaja a nan. Mutane da yawa a duniya, daga manyan bankuna har zuwa mutum ɗaya a ɗakinsa, ba sa zama su danna saye ko sayarwa da hannunsu a kasuwar hannun jari. Sukan rubuta wa kwamfuta ƙa'ida: idan farashi ya kai kaza, sayi kaza, idan ya faɗi zuwa kaza, sayar. Manhajar ce ke aika oda zuwa ga dillali ta intanet, dillali ya kai kasuwa, sannan ya dawo mata da labarin abin da aka samu. Tawa ƙarama ce, ni da ƙanina muka rubuta ta, tana ciniki a kasuwar Amurka, wadda a lokacin bazararsu take buɗewa da ƙarfe 2:30 na rana agogon Najeriya ta rufe da ƙarfe 9:00 na dare.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, manhaja ba ta ganin hannun jarin da ta mallaka. Littafinta kawai take gani. Duk lokacin da saƙo ya zo cewa an saya mata 100, sai ta ƙara 100 a littafi. In an sayar da 50, ta rage 50. Kowace shawara da za ta yanke gobe, a kan wannan littafin za ta ɗora ta. Dillali shi ma yana da nasa littafin, kuma a ƙarshen kowace ranar ciniki yakan fitar da takardar bayanin asusu: ga abin da kake riƙe da shi, ga cinikin da aka yi maka, ga la'adar da aka cire, ga ragowar kuɗinka. Duk wanda ya taɓa ajiye buhunan hatsi a sito a hannun dillali ya san wannan zaman: kai kana da lissafinka, shi yana da nasa, buhunan kuma suna wurinsa. Aikin da nake magana a kansa shi ne a ɗora littattafan nan biyu gefe da gefe kullum, kafin a sake buɗe kasuwa, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya, in bai zo ba a gano dalili.

Ga abin da ya faru ranar Litinin ɗin. Da safe ina da hannun jari 300 na kamfanin, da tsabar kuɗi dala 12,000. Ƙa'idar manhajar ta ce a kai abin da ake riƙe da shi zuwa 800, saboda haka ta aika odar sayen 500, da sharaɗin kada farashi ya wuce dala 20. Oda irin wannan ba lalle ta cika a tashi ɗaya ba. Kasuwa takan cika ta gutsure-gutsure, gwargwadon masu sayarwa da aka samu. Gutsuren farko ya zo: 200 a kan dala 19.98, wato dala 3,996. Na biyu ya biyo: 100 a kan dala 20, wato dala 2,000. Dillalina yana cire la'adar rabin senti a kan kowane hannun jari, saboda haka 300 ɗin nan sun ci dala 1.50. Manhajar ta rubuta duka daidai. Littafinta ya nuna hannun jari 600, da ragowar kuɗi dala 6,002.50.

Daga nan aka ɗauke wuta. Kafin injin ya tashi, na'urar intanet ta dawo hayyacinta, an yi kamar minti huɗu. Da manhajar ta sake haɗuwa da dillali, ta tambaye shi jerin odojin da ke jiran cika. Odar ba ta cikin jerin. Mu kuwa mun rubuta mata cewa duk odar da ta ɓace daga jerin, a ɗauka an soke ta. Sai ta rufe shafin a kan 600. Gaskiyar magana ita ce odar ta bar jerin ne don ta cika: a cikin mintunan nan huɗu an sayi sauran 200 a kan dala 20, saƙon ya taso bai tarar da kowa a gida ba.

A safiyar Talata ban san wannan labarin ba tukuna. Lambobi biyu kawai nake da su, 200 da 3,959, kuma yadda ake karanta irin waɗannan lambobin shi ne zuciyar sana'ar.

Abu na farko da mai bin diddigi yake yi shi ne ya raba giɓin kuɗi da giɓin hannun jari. Idan ciniki ɗaya ne ya kuɓuce wa littafi, amsar za ta fito kusa da farashin ranar. Na raba 3,959 gida 200, na samu 19.795. Na duba farashin Litinin, ban ga inda hannun jarin ya sauka ƙasa da dala 19.90 ba duk yinin. Ke nan amsar ta yi kusa amma ba ta zauna ba, kuma wannan alama ce cewa ba matsala ɗaya ake fama da ita ba, biyu ne suka hau kan juna, ɗaya tana rage girman ɗayar. Sai na bar jimilla na koma layi-layi. A sashen ciniki na takardar dillali akwai layi uku na wannan kamfanin, a littafina biyu. Na ukun shi ne 200 a kan dala 20, da la'adar dala 1, jimilla 4,001. Saura dala 42 da suka shigo ban san da su ba. Can ƙasa, a sashen shige da ficen kuɗi, na gan su: wani kamfani dabam da nake riƙe da hannun jarinsa 150 ya biya ribar senti 40 a kan kowanne, dala 60 ke nan, aka cire harajin kashi 30 cikin 100 da Amurka ke cirewa daga irin wannan ribar ga baƙin da ƙasarsu ba ta da yarjejeniyar rangwamen haraji da ita, wato dala 18, aka bar 42. A cire 42 daga 4,001, a samu 3,959. Lissafi ya rufe, babu ko senti ɗaya a waje, kuɗin da ke asusun dala 2,043.50 ne.

Da na nuna wa ƙanina, abin da ya fara cewa shi ne, “Yaya, to mu sa manhajar ta riƙa kwafar lambar dillali kowace safiya mana. Tunda kayan suna wurinsa, ai maganarsa ce magana.” Na fahimci dalilinsa, kuma akwai masu yin haka. Amma ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Da mun yi hakan, 600 za ta koma 800 a ɓoye, allo ya nuna sifili, kuskuren da ke cikin manhajar kuma ya ci gaba da zama a inda yake, yana jiran wata ɗaukewar wutar. Giɓin shi kaɗai ne shaidar cewa akwai ciwo. Littafin da ke kwafar na dillali ya daina zama shaida ta biyu, ya koma madubi, kuma ba a gwada mutum da hotonsa a ce an tabbatar da wani abu. Dole littafin manhaja ya ginu daga saƙonnin cinikin da ita kanta ta karɓa, ɗaya bayan ɗaya, don gwajin ya yi ma'ana.

A yi tunanin abin da zai biyo baya da ba a duba ba sam. Ranar Talata da rana manhajar za ta ga 600 a littafi, burinta 800, ta sake sayen 200. Yanzu a kasuwa ina da 1,000, a littafi 800. Kuɗin ma ba za su isa ba, domin dala 2,043.50 ba sa sayen kayan dala 4,000, kuma a asusun da aka yarje masa cin bashi dillali zai ranta mini cikon ne ya fara lissafa ruwa, ni da ban nemi bashi ba, ba na kuma son sa. Ranar da farashi ya faɗi ƙa'ida ta ce a sayar da duka, za ta sayar da 800 ta ɗauka ta fita. Sauran 200 su zama marayu, babu mai kallonsu, babu umarnin da zai tsayar da asararsu. Kuskuren da ke ɗaya gefen ya fi wannan muni. Idan saƙo ɗaya ya zo sau biyu, abin da ke faruwa idan layi ya yanke aka sake turo saƙonnin baya, manhaja za ta ɗauka tana da fiye da abin da take da shi. In ta tashi sayarwa sai ta sayar har da abin da ba nata ba, kuma a asusun da ya halatta haka dillali zai aro mata hannun jarin ya sayar, mai asusu ya wayi gari da bashin kaya a wuyansa, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da farashi ya hau.

Gyaran da muka yi a cikin manhajar ba shi da tsawo. A yaren da dillalai da kasuwanni da yawa ke musayar saƙo da shi, wanda ake kira FIX, kowane gutsuren ciniki yana da lambarsa ta kansa, `ExecID`. Akwai kuma `LastQty`, yawan abin da aka samu a wannan gutsuren, da `CumQty`, jimillar abin da odar ta samu zuwa yanzu. Ko dillalin da ba ya amfani da FIX kai-tsaye yana da makamantansu. Yanzu duk lokacin da layi ya dawo, manhajar ba ta tsayawa a kan jerin odojin da ke jira, sai ta nemi dukkan cinikin ranar, ta ɗauki wanda ba ta da lambarsa, ta yar da wanda ta riga ta rubuta. Kuma da kowane saƙo takan haɗa gutsattsarin da ta tara ta gwada da `CumQty`. Wannan gwajin na biyu yana kama saƙon da ya ɓace a tsakiya, amma ba ya kama na ƙarshe, domin babu wani saƙo a bayansa da zai tona asiri. Na ƙarshen ne kuwa ya kuɓuce mana.

Shi kansa gwajin safe, asalinsa 'yan layuka ne:

```python
for s in sorted(set(littafi) | set(dillali)):
    g = dillali.get(s, 0) - littafi.get(s, 0)
    if g != 0:
        print(s, g)
```

Wanda bai san rubutun kwamfuta ba ya lura da abu ɗaya kawai. Layin farko yana haɗa sunayen kamfanonin da ke littafina da waɗanda ke takardar dillali, ya bi su duka. Masu farawa da yawa sukan bi nasu jerin ne kaɗai, suna tambayar dillali a kan kowane suna. Ta haka ba za su taɓa ganin kamfanin da dillali ke riƙe musu da shi alhali littafinsu bai san da zamansa ba, kuma shi ne giɓin da ya fi kowanne haɗari.

Ba kowane giɓi ne ke fitowa daga ɓataccen saƙo ba. Wani lokaci manhaja ba ta yi kuskuren komai ba, ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashinta. Ranar 10 ga Yunin 2024 hannun jarin kamfanin Nvidia ya fara ciniki bayan an tsaga kowane ɗaya gida goma. Wanda ya kwana da 30 a farashin da ya kai kusan dala 1,200 ya tashi da 300 a kusan dala 120. Dukiyarsa ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, ba a kuma yi wani ciniki ba, saboda haka babu saƙon ciniki da zai shiga littafi. Manhajar da ba a sanar da ita ba za ta ga farashi ya zube da kashi 90 cikin 100 a dare ɗaya, ta firgita ta sayar da 30 ɗin da ta sani, ta rubuta asarar da ba a yi ba, ta bar 270 a baya. Alamar wannan giɓin a bayyane take ga mai dubawa: lambar dillali ninki ce cif ta lambar littafi, kuɗi kuma ba su motsa ba. Haka kuma ranar 9 ga Yunin 2022 alamar kamfanin Facebook a kasuwa ta sauya daga `FB` zuwa `META`. A irin wannan ranar gwajin zai fito da layi biyu, wani suna ya ɓace da 40 misali, wani baƙon suna ya bayyana da 40. Shi ya sa masu ƙwarewa ba sa ɗaure littafinsu da alamar kasuwa, sai da lambar shaida irin ISIN ko lambar da dillali ke bai wa kowace haja, waɗanda sauyin alama kaɗai bai cika taɓa su ba.

Da sannu mutum yakan iya karanta fuskar giɓi kafin ya buɗe takarda. Kuɗi sun bambanta, kaya ba su bambanta ba: a nemi riba, haraji, kuɗin hidima, ko canjin kuɗin waje. Giɓin ya yi daidai da ninki biyu na wani ciniki na jiya: an rubuta saye a matsayin sayarwa. Akwai ciniki a takardar dillali wanda babu odarsa a wurin manhaja ko kaɗan: ko dai mai asusun ne ya shiga ta wayarsa ya yi da hannu ya manta, ko dillali ne ya sayar da kaya da kansa don jinginar bashi ta gaza. Na farkon ya fi yawa, kuma maganinsa shi ne a ware wa manhaja asusunta ita kaɗai.

Akwai kuma giɓin ƙarya, wanda ke cinye lokaci ya kuma koya wa mutum raina gargaɗi. Mafi yawansa daga lokaci yake zuwa. Ciniki yana da ranar da aka ƙulla shi da ranar da aka kammala musayar kaya da kuɗi. A Amurka, tun daga 28 ga Mayun 2024, tazarar kwana ɗaya ce ta aiki. Kafin nan biyu ce. Takardar dillali tana iya nuna kuɗi iri biyu, wanda ya lissafa da cinikin yau da wanda ya jira kammalawa. Manhaja tana rubutu ne da ranar ƙullawa, don haka da wannan layin za a gwada ta, in ba haka ba kullum za a ga giɓi mai girman cinikin jiya wanda zai ɓace da kansa gobe. Sannan ga agogo. Bayan rufe babbar kasuwa ana ci gaba da wani ɗan ciniki har ƙarfe 8:00 na dare agogon New York, wanda a Kano ƙarfe 1:00 na dare ne a bazararsu, ranar ta riga ta juya. Kwamfutar da ke buga kwanan wata da agogon gida za ta jefa wannan cinikin a Talata, dillali kuwa ya sa shi a Litinin. Doka a nan ɗaya ce: ranar ciniki ta dillali ita ce rana, a ajiye hoton littafi a daidai lokacin da shi ya rufe nasa.

Nawa ne giɓin da za a iya ɗauke wa kai? A yawan kaya, sifili. Hannun jari ɗaya da ya bambanta ba ƙaramin kuskure ba ne, alama ce cewa hanyar rubutun ta yoye, kuma inda ɗaya ya bi dubu na iya bi. A kuɗi ana iya barin 'yan senti saboda yadda kowane ɓangare ke zagaye lamba, amma a riƙa kallon tarinsu, domin senti uku da ke karkata gefe ɗaya kullum na nufin akwai wani kuɗin hidima da ba a sa a lissafi ba. Kwamfuta ma tana da nata halin: in aka ce wa Python ta haɗa `0.1 + 0.2`, amsar da za ta bayar ita ce `0.30000000000000004`. Shi ya sa ake ajiye kuɗi a matsayin senti cikakku ko a yi amfani da `Decimal`. Matsakaicin farashin saye kuwa, ba na damun kaina idan ya ɗan bambanta, domin wani dillalin yana cusa la'ada a ciki, wani kuma yana ɗaukar cewa kayan da aka fara saya su aka fara sayarwa.

Idan giɓi na gaske ya fito, manhajata ba ta taɓa wannan kamfanin sai mutum ya duba ya sake ta, in kuma kuɗi ne suka bambanta da yawa, ba ta yin ciniki ko ɗaya. Gyara ba a yin sa da goge tsohuwar lamba. Ana shigar da sabon layi ne, da kwanan wata da dalili. Na ranar Talatar nan yana nan har yau: ƙarin 200, lambar cinikin kamar yadda take a takardar dillali, da bayanin cewa saƙo ya ɓace lokacin yankewar layi. Bayan wata shida, idan aka karanta waɗannan layukan a jere, su ke nuna inda manhaja ta fi rauni.

Kada a ɗauka kuma cewa abin da manhaja ta rubuta daidai jiya zai zauna daidai har abada. Kasuwa tana iya soke cinikin da aka riga aka ƙulla. Ranar 6 ga Mayun 2010, da farashi ya rikito a kasuwannin Amurka cikin 'yan mintuna ya sake tashi, daga baya an soke ciniki sama da 20,000 waɗanda farashinsu ya kauce da fiye da kashi 60 cikin 100 daga inda yake kafin rikicin. Wanda ya sayi kaya a farashin banza ya sayar da su da farashi ya dawo, aka soke sayen aka bar sayarwar, ya tashi da bashin kayan da bai san da shi ba. Sokewa irin wannan tana iya zuwa bayan an kashe manhaja an kwanta. Takardar safe ce za ta faɗa.

Wannan aikin yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Gwajin sau ɗaya a rana yana kama ɓarnar da ke tafiya a hankali ne. Kwanaki kaɗan kafin 1 ga Agustan 2012 kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan masu hada-hadar hannun jari a Amurka a lokacin, ya sa sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa takwas, aka tsallake ɗaya. Ranar 1 ga Agustan, a kan waccan ɗayar wani tsohon ɓangare da aka daina amfani da shi ya farka. Abin da ke ƙirga masa yawan abin da oda ta riga ta samu an ɗauke shi daga wurin shekaru kafin nan, don haka ya yi ta aika oda bai san an cika ba. A binciken hukumar SEC, odoji 212 sun haifi ciniki sama da miliyan 4 a kamfanoni 154, hannun jari fiye da miliyan 397, cikin kusan minti 45, asarar kuma ta haura dala miliyan 460. Ciwon irin nawa ne, na'ura tana saye ba ta san abin da ta riga ta saya ba, amma gudunsa ya wuce a jira takardar gobe. Saboda haka gwajin safe yana buƙatar ɗan'uwa da rana: a riƙa tambayar dillali kowane 'yan mintuna abin da ake riƙe da shi, a kuma kafa rufin da manhaja ba za ta iya hayewa ba komai abin da littafinta ya ce. Amma lambar rana ba ta maye gurbin takardar safe, domin riba, haraji, gyare-gyare da sokewa sukan zauna ne bayan an rufe.

Iyaka ta biyu ta fi ɗaci. Littattafai biyu suna iya yarda da juna alhali kayan babu su. A Yulin 2012 aka gano cewa shugaban kamfanin dillanci na Peregrine Financial Group a jihar Iowa, Russell Wasendorf, ya shafe kusan shekara 20 yana ƙirƙirar takardun banki na bogi, kuɗin abokan ciniki sama da dala miliyan 200 sun salwanta. An yanke masa ɗaurin shekara 50. Duk abokin cinikin da ke gwada littafinsa da takardar kamfanin zai ga sun dace. Maganin wannan shi ne shaida ta uku daga wanda ba dillalin ba. A nan mai sayen hannun jari a kasuwar NGX ta Najeriya yana da wata dama da bai kamata ya yi wasa da ita ba, ko da ba ya amfani da wata manhaja: hannun jarinsa suna rubuce a ma'ajiyar CSCS, kuma yana iya neman bayanin abin da ke ƙarƙashin sunansa daga can ya gwada da abin da dillalinsa ya ba shi.

Abu na ƙarshe da muka ƙara wa namu tsarin ya zo ne bayan wata safiya da allo ya nuna sifili amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san an yi ciniki jiya kuma sakamakon ya fito da wuri fiye da yadda ya saba. Da na duba, takardar ranar ba ta riga ta fito ba. Manhajar ta ɗauko ta shekaranjiya, ta gwada ta da hoton littafin shekaranjiya, ta ce komai lafiya. Tun daga nan, kafin ta gwada ko lamba ɗaya, sai ta karanta kwanan watan da ke kan takardar da lambar asusun, ta tabbatar su ne na ranar cinikin da ta wuce. Tana kuma buga yawan kamfanonin da ta gwada da yawan cinikin da ta daidaita, don in ga cewa sifilin ya fito ne daga aiki. In takardar ba ta iso ba zuwa ƙarfe 1:00 na rana, ana ɗaukar rashin isowarta a matsayin giɓi, saƙo ya shigo wayata, manhajar kuma ta zauna ba ta aika oda ko ɗaya ba har sai na duba da idona.